Zabiya da rana: Wane tabo ne abin tsoro, kuma yaya ake bibiyarsa?

Duk shekara idan ranar 13 ga watan Yuni ta zagayo, kusan labari iri ɗaya ne ke zuwa teburina na tace labarai. An yi taro a wani otal a Abuja, an yi jawabai a kan tsangwamar da ake nuna wa zabaya, ga kuma hoton babban baƙo yana miƙa wa wata yarinya kwalbar man kariya daga rana. Tun daga shekarar 2015 da aka fara kiyaye wannan rana ta Majalisar Ɗinkin Duniya haka abin yake tafiya. Nakan gyara waƙafi da aya, in sa kanun labari, in tura. Amma a cikin duk waɗannan rahotanni ban taɓa cin karo da wanda ya gaya wa yarinyar nan kwana nawa kwalbar za ta yi mata ba, balle wanda ya koya wa mahaifiyarta yadda za ta bambance tabon da ba shi da illa da wanda zai iya cinye kunnen ’yarta nan da shekara goma sha biyar.

Ra’ayina shi ne, abin da ya fi kashe zabaya a ƙasar nan, wato ciwon dajin fata, ciwo ne da yake ba da sanarwa tun da wuri, kuma a fili, a kan fuska da kunne da bayan hannu. Matsalarmu ita ce mun sa ido a kan tabon da ba shi ne ba, kuma ba ma ajiye lissafin komai. Littafin rubutu guda ɗaya da rula da wayar hannu za su iya yin aikin da rabon man shafawa na shekara-shekara ba zai taɓa yi ba.

Sai an fara fahimtar abin da rana take yi wa fatar zabiya. A cikin hasken rana akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, jiki kuma ba ya jin sa a matsayin zafi, shi ne ake rubutawa da haruffan UV. Baƙar fata tana da sinadarin melanin mai yawa da ke shanye mafi yawan wannan haske kafin ya kai ga ƙwayoyin halittar fata. Zabiya an haife shi da ƙarancin wannan sinadari ko rashinsa gaba ɗaya, saboda haka hasken yana ratsawa yana ɓata tsarin ƙwayoyin kaɗan-kaɗan. Ɓarnar taruwa take yi, ba ta gogewa. Ƙunar da yaro ya yi a filin makaranta yana ɗan shekara bakwai tana nan a ajiye a cikin fatarsa ranar da ya cika shekara ashirin da biyar.

Wannan ba sabon ilimi ba ne a Najeriya. Waɗanda suka karanta littafin One Week One Trouble a ƙaramar sakandare ƙila ba su san cewa marubucinsa, Farfesa Anezi Okoro, likitan fata ba ne. Ni kaina sai da na girma na sani. A shekarar 1975 ya wallafa binciken da ya yi a kan zabaya dubu ɗaya a ƙasar nan, inda ya nuna cewa da zarar sun haura shekara ashirin, da wuya a sami wanda rana ba ta bar masa tabon da ke kan hanyar zama daji ba, ko kuma dajin kansa. Shekara hamsin ke nan da wannan gargaɗi.

To, wane tabo ake nufi? A nan ne ake yin kuskuren da ya sa na ɗauki alƙalami. Yawancin zabayanmu, musamman masu gashi ruwan ɗorawa, suna samun ɗige-ɗige masu duhu a fuska da wuya da damatsa, wasu masu rassa kamar an ɗiga tawada a kan takarda mai laima. Su ne ake gani daga nesa, su ne ake yi wa yaro ba’a da su, su ne kuma iyaye suke kashe kuɗi a kan neman maganinsu. Har akwai camfin da ya bazu a sassan ƙasar nan cewa cin gishiri ne ke kawo su, a hana yaro miya mai ɗanɗano a banza. Gishiri ba shi da laifi a nan, rana ce. Waɗannan ɗige-ɗige shaida ce cewa fata ta sha rana, amma mafi yawansu lafiya lau suke zaune har tsufa, matuƙar suna shafe da fata, ba su tashi ba, ba su sauya kama ba.

Wanda ya je ya karanta bayanan da aka rubuta domin Turawa zai ƙara faɗawa cikin wannan kuskure, domin su babban abin tsoronsu shi ne dajin da ke tashi daga baƙin tabo irin tawadar Allah, sai su ce a duba launi da gefe da faɗi. Wannan nau’i ba shi da yawa a tsakanin zabayan Afirka. Wanda ya fi addabar su yana tasowa ne daga ƙwayoyin saman fata, kuma farkonsa ba shi da wani launi mai ɗaukar ido. Wani ɗan wuri ne mai kaushi, ja-ja ko kalar fatar kanta, mai ɓawo fari, wanda idan aka shafa shi da yatsa sai a ji kamar an taɓa busasshen soso ko bangon da ba a yi wa shafe ba. Sau da yawa yatsa yana jin sa kafin ido ya gan shi. A ɓare ɓawon, bayan kwanaki ya dawo a daidai wurin. Wannan bai zama daji ba tukuna, kuma da yawansu ba za su taɓa zama ba, sai dai babu likitan da zai iya nuna wanda zai juya da wanda ba zai juya ba. Shi ya sa ake kashe su tun suna haka, galibi ta hanyar ɗiga musu ruwan naitirojin mai tsananin sanyi, aikin da ba ya wuce ’yan mintoci, ko kuma da wani man shafawa na musamman da likita kaɗai ke rubutawa.

Idan aka bar shi ya juya, alamunsa sanannu ne. Wurin zai yi kauri ya yi tauri, idan aka matsa shi tsakanin yatsu biyu a ji kamar akwai ƙwayar dawa a ƙarƙashin fata. Zai fara zafi idan an taɓa. Zai riƙa zubar da jini da ɗan gugar tawul. Ko ya zama gyambo mai tasasshen baki wanda yake yin ɓawo ya ɓare, ya sake yi ya sake ɓarewa, ba ya rufewa. Wani lokaci kuma ɗan tsiro ne mai ƙyalli kamar ɗigon kakin kyandir. Ƙa’idar da ta fi sauƙin riƙewa ita ce ta mako huɗu: duk ciwon da ke jikin zabiya a wurin da rana ke duka, wanda ya yi wata guda bai warke ba, a ɗauke shi da muhimmanci har sai likita ya duba ya ce ba komai.

Na koyi wannan ne a gida, ba a littafi ba. Ina da ɗan ƙanwar mahaifiyata, zabiya ne, shekarunsa ashirin da bakwai, yana sana’ar cire wa mutane kuɗi a ƙarƙashin lema a bakin titi a Mararraba. Yana sa doguwar riga da hula kullum, yana ganin ya rufe jikinsa. Wata rana da muka je gaishe da mahaifiyarsa, ta ce da ni: “Kai da kake aikin jarida, don Allah ka tambayo mana maganin baƙin tabon nan na kumatun ƙanenka, kullum ƙaruwa yake yi.” Da na matsa kusa don in duba kumatun, sai idona ya faɗa kan saman kunnensa na dama, inda na ga wani ɗan ɓawo da busasshen jini. Na tambaye shi, ya ce: “Yaya, wannan ai ba komai ba ne, bakin hula ne ke goge ni. Ya kai wata biyu, na sayi mai a kemis ina shafawa.”

Shi bai taɓa ganin wurin ba. Wannan wani abu ne da masu ba da shawarar “ka riƙa duba jikinka a madubi” suke mantawa. Zabiya yana da raunin gani tun daga haihuwa, kuma tabarau ba ya gyara shi gaba ɗaya. Mutumin da sai ya kai takardar kuɗi dab da hancinsa kafin ya tantance ta, ba zai ga tabo mai faɗin ƙwayar gero a bayan kunnensa ba. Saboda haka duba fatar zabiya aikin mutum biyu ne. Shi yana shafawa da yatsa ya faɗi inda ya ji kaushi ko zafi, wani amintacce mai lafiyar ido yana dubawa yana aunawa: uwa, ko miji, ko mata, ko ɗan’uwa. Mace ta sami mace ’yar’uwarta idan ta fi sakewa da haka.

Ga abin da muka yi, bisa shawarar wata ma’aikaciyar jinya da muka sani. Muka sayi littafin rubutu na ’yan makaranta. A shafin farko na zana kan mutum ta gaba da ta baya da gefe biyu, da hannuwa, zanen da ko ɗan firamare zai yi mini dariya. Muka zauna a inuwar baranda da safe, inda akwai haske sosai amma rana ba ta dukan mu, muka bi jikinsa daga sama zuwa ƙasa: fatar kai ta tsakanin gashi, goshi, fatar ido, hanci, leɓen ƙasa, kunnuwa ciki da baya, ƙeya, wuya har zuwa inda wuyan riga ya tsaya, bayan hannu, damatsa, da saman ƙafa inda silifa ba ya rufewa. Muka sami wurare uku da suka cancanci lamba. Na ɗaya, baƙin tabon kumatu, faɗinsa milimita 9, a shafe yake, santsi gare shi. Na biyu, wani kaushi a bayan hannun hagu, milimita 3, wanda shi ya ji da yatsa ni ban ma lura ba. Na uku, na kunne, milimita 5, mai tauri da ɓawo.

Kowane tabo muka ba shi shafinsa. A saman shafin lamba da wurin da yake, a ƙasa kuma kwanan wata, faɗi, yadda yake a taɓawa, ko yana zafi, ko ya yi jini. Sannan hoto. Hoton nan yana da ladubbansa, kuma rashin kiyaye su ne ke sa a tara hotuna ɗari marasa amfani. A kan kowane tabo ana ɗaukar biyu: ɗaya daga nesa kaɗan don a gane wane ɓangaren jiki ne, ɗaya kuma daga kusa da rula a manne a gefen tabon. In babu rula a cikin hoto, ba yadda za a yi a san ko tabon ne ya girma ko kuwa wayar ce aka ƙara matsowa da ita. Rular da ke cikin akwatin lissafin ’yan makaranta ta wadatar. A kashe fitilar kyamara, domin tana wanke farar fata ta ɓoye ja. A kashe kuma duk wani tsarin gyara fuska, domin wayoyi da yawa suna goge kaushin fata da kansu don hoto ya yi kyau, alhali kaushin ne muke nema. A riƙa ɗauka a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya na yini. Wanda ba shi da wayar hoto, ya ɗora farar leda mai shara-shara a kan tabon ya zagaye bakinsa da biro, ya manna ledar a littafi ya rubuta kwanan wata. Wata mai zuwa ya ɗora sabuwa a kan tsohuwa, bambancin zai fito.

A nan dole in faɗi laifina. Na kunnen nan ya riga ya karya ƙa’idar mako huɗu tun ranar da na gan shi, ga tauri ga jini. Kamata ya yi washegari mu kama hanyar asibiti. Amma sai sabon littafin ya ba mu wata nutsuwa ta ƙarya, muka ce bari mu ga abin da awo na gaba zai nuna. Bayan mako shida na koma. Na kumatu yana nan a milimita 9. Na hannu yana nan a 3. Na kunne ya kai 8, bakinsa ya tashi, tsakiyarsa ta lotsa. Man da yake shafawa, irin wanda ake sayarwa a matsayin maganin kowace cutar fata, ya kwantar da jan wurin har yana cewa ya ji sauƙi, alhali abin yana ci ta ƙasa.

A sashen fata na wani asibitin gwamnati, likitar ta buɗe littafin ta dubi hotunan biyu kafin ma ta dubi kunnen. Ta lalubi wuyansa da ƙasan muƙamuƙinsa tana neman kaluluwa, ba ta samu ba. Aka yanki ɗan ƙaramin nama aka kai ɗakin gwaji, sakamako ya nuna daji ne a matakin farko. Aka kashe wurin da allura aka yanke shi tare da ɗan gefen lafiyayyar fata, aka ɗinke, ya koma gida a ranar. Na hannun aka daskarar da shi da ruwan sanyin nan. Na kumatun da ya hana mahaifiyarsa barci, likitar ta ce a bar shi, a ci gaba da aunawa kawai. Ta kuma gaya mana cewa na kunne da na leɓe sun fi saurin bazuwa zuwa kaluluwar wuya, kuma da zarar irin wannan ya haura santimita 2 hatsarinsa ya ƙaru sosai, magana ta koma babban aiki da dashen fata da gashi da na’ura, wadda cibiyoyin da ke da ita a ƙasar nan ’yan kaɗan ne.

Don haka masu cewa koya wa mutane awo da ɗaukar hoto zai sa su mai da kansu likitoci su yi ta jinkiri, suna da gaskiyarsu, ni ne shaida. Amsar ita ce a raba aikin littafin a fili. Littafi na tabon da yake zaune lafiya ne, ana duba shi sau ɗaya a wata don a kama ranar da ya fara sauyawa. Tabon da ya yi jini, ko ya yi tauri, ko ya zama gyambo, ko ya girma tsakanin awo biyu, ya fita daga hurumin littafi, na asibiti ne a cikin makon. Ko babu komai, ya kamata zabiya baligi ya ga likitan fata duk wata shida, wanda aka taɓa cire wa daji kuma ya fi haka kusa-kusa, domin fatar da ta fitar da ɗaya tana iya fitar da wani. Abin da ba a yi shi ne kai wurin ga wanzami ya yanke, ko a yi masa sakiya, ko a ɗora masa magani mai cin nama. Saman zai ƙone ya rufe, saiwar ta ci gaba, kuma an ɓata wa mai gwaji abin da zai duba.

Sai batun kariya, kuma a nan ma ina ganin an jera abubuwan a juye. Kullum da mai ake farawa, alhali shi ne ya fi tsada kuma ya fi saurin ƙarewa. Bari mu yi lissafi. Lambar SPF da ake gani a jikin kwalba ana samun ta ne idan an shafa man da kauri, kimanin cokalin shayi ɗaya, wato mililita 5, ga fuska da kunnuwa da wuya, cokali ɗaya ga kowane hannu, ɗaya ga kowace ƙafa. Wanda ya shafa rabin haka bai sami kariyar da aka rubuta ba. Man kuma yana bin gumi, sai an sake shafawa duk bayan awa biyu idan ana waje, da kuma bayan alwala ga wanda yake yin ta. Mutumin da ya sa riga mai dogon hannu yana buƙatar kamar cokali ɗaya da rabi ga fuska da wuya da bayan hannuwa. Ko sau biyu kacal ya shafa a yini, mililita 15 ke nan, kwalba mai mililita 100 ba za ta cika masa mako guda ba. Idan gajeren hannu ya sa, kwana uku ta ƙare. Kwalbar da aka miƙa wa yarinyar nan a gaban ’yan jarida ke nan. Sauran makonni hamsin da ɗaya fa?

Lissafin da kansa ya nuna cewa tufa da inuwa su ne gaba, mai kuwa na cike giɓin da tufa ba ta rufe ba ne. Sai dai ba kowace tufa ba. A ɗaga yadi a kalli haske ta cikinsa, idan ana ganin hasken yana ratsowa ta ƙofofin saƙar, to rana ma tana ratsawa. Shadda ko atamfa mai matsattsiyar saƙa ta fi leshi da farin yadi mai shara-shara nesa ba kusa ba, mai duhun launi ya fi fari, kuma rigar da gumi ya jiƙa kariyarta tana raguwa. Hular da muke taƙama da ita, ko zanna ce ko ƙube, tana rufe tsakiyar kai ne ta bar kunnuwa da ƙeya da hanci a waje, wato daidai wuraren da dajin ya fi kamawa. Ita ce ta yaudari ƙanena. Hular hana-sallah ma haka, tana kare goshi ta bar kunne. Abin da ake buƙata shi ne mai faɗin baki zagaye, aƙalla santimita bakwai da rabi. Muna da ita tun kaka da kakanni, ita ce malfa, idan saƙarta ta matsu ko an yi mata shafi da yadi ta ciki. Makiyayi bai taɓa jin kunyar sa ta ba. Mace mai sa hijabi mai kauri ta riga ta kare wuya da kunnuwa, saura fuska da leɓe da bayan hannu, sai ta ƙara da lema ko malfa a sama.

Game da lokaci, daga ƙarfe goma na safe zuwa huɗu na yamma ne hasken ya fi ƙarfi, wato daga hantsi har zuwa La’asar. Yaro ma zai iya riƙe ma’aunin: idan inuwarka ta fi ka gajarta, nemi inuwar wani abu. Kada kuma a auna hatsari da zafi. Ranar da hadari ya rufe sama ko hazo ya sauka, mafi yawan wannan haske yana iya ratsowa, mutum ya saki jiki ya ƙone. Jos ta fi Lakwaja sanyi, amma tudun da take kai, sama da mita dubu, yana ƙara wa hasken ƙarfi ne, ba ya rage shi. Zama ƙarƙashin lema a bakin titi ma rabin kariya ne, domin hasken yana shigowa ta gefe, yana kuma dawowa daga siminti da farar ƙasa. Jariri zabiya da bai kai wata shida ba, inuwa da sutura ne kariyarsa, kuma al’adar shanya jarirai a hantsi ba tasa ba ce.

Idan an zo sayen man, a nemi mai lamba SPF 50, in bai samu ba kada ya gaza 30, wanda aka rubuta yana kare UVA da UVB duka, mai lambar hukumar NAFDAC, wanda wa’adinsa bai wuce ba. A shafa kamar minti ashirin kafin fita. Kada a bar shi a cikin mota ko a rana, zafi yana lalata shi. Man kaɗanya da basilin suna laushin fata amma ba sa maye gurbinsa. Kada a manta da leɓen ƙasa da saman kunne.

Duk wannan aikin gida ne, amma akwai rabon hukuma, kuma ba mai tsada ba ne. A shekarar 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya man kariya daga rana a cikin jerin muhimman magunguna, bayan shekaru ana fafutuka, fafutukar da ’yar Najeriya Ikponwosa Ero, wadda ita ce ta fara riƙe muƙamin ƙwararriya mai zaman kanta ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin zabaya daga 2015, ta taka rawa wajen ɗaga muryarta. Abin da ya rage shi ne Ma’aikatar Lafiya ta Tarayya da Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa su ɗauke shi a matsayin magani ga zabiya, ba kayan kwalliya ba, a riƙa ba da shi wata-wata a asibitin unguwa. Tanzaniya ta fi shekara goma tana haɗa nata man a cibiyar horas da likitocin fata da ke Moshi, ana raba shi a asibitocin tafi-da-gidanka inda ake duba fata a daskarar da kaushin da aka gani nan take. Ba mu rasa masana haɗa magunguna ba a Zariya da Ibadan da Nsukka. Ƙungiyoyi irin su gidauniyar da Jake Epelle ya kafa a Abuja sun daɗe suna wannan kira.

Abu na biyu ya fi wannan arha. Kowace uwa a ƙasar nan ta san katin rigakafi, ta san ana auna yaro a rubuta. A buga wa zabaya irinsa: zanen jiki a gaba, layukan kwanan wata da faɗin tabo a ciki, rula a buge a gefen katin, alamun gaggawa guda huɗu a baya da Hausa da Yarbanci da Ibo da Turanci, da manyan haruffa saboda raunin gani. A koya wa ma’aikacin lafiya na matakin farko abu ɗaya tak, cewa gyambon zabiya da ya wuce wata guda ba na wankewa da ɗaurewa ba ne, na turawa gaba ne. Likitocin fata a Najeriya ba su da yawa, kuma galibinsu suna manyan asibitocin koyarwa, don haka hoto mai rula da ma’aikacin karkara zai tura musu zai taimaka wajen tantance wanda zai hau mota gobe da wanda zai iya jira.

Na uku kuwa takardar umarni ce kawai daga ma’aikatun ilimi: a bar ɗalibi zabiya ya sa dogon hannu da dogon wando da malfa ko da sun saɓa wa kayan makaranta, a tsayar da shi a inuwa lokacin taron safe, kada a ba shi horon durƙuso ko yankan ciyawa a rana. Haka ma a sansanin masu yi wa ƙasa hidima lokacin fareti. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a watan Janairun 2019 ta ba da madogara.

Ƙanena ya mayar da teburinsa cikin wani ɗan shago mai rufin kwano, kuɗin haya ya ƙaru amma ya ce ya fi kuɗin aiki sauƙi. Yana sa malfa, abokan sana’arsa suna kiran sa Ardo. Ranar Asabar ta farkon kowane wata matarsa ce ke riƙe rula. Littafin yanzu yana da lamba biyar, kuma na huɗun, wani kaushi a leɓensa na ƙasa, an ba shi ranar da zai koma a duba shi a wata mai kamawa.